Idan Hausa ta fi akwatin shafi tsawo: yadda ake fassara shafukan majigi ba tare da an matse rubutu ba

Duk wanda ya taɓa karɓar fayil ɗin PowerPoint aka ce masa ya mayar da shi Hausa ya san inda gizo ke saƙar. Fassarar kanta ba ta cika ba da wahala ba. Wahalar tana zuwa ne lokacin da ka liƙa Hausar a cikin akwatin da aka yanka wa Turanci, sai ka ga layi ɗaya ya koma biyu, rubutu ya gangaro ya hau kan hoto, ko kuma manhajar ta ƙanƙantar da haruffan da kanta har na bayan ɗaki ya koma lumshe ido yana ƙoƙarin karantawa. Da yawa daga cikinmu a nan muke miƙa wuya, mu rage girman rubutu mu wuce. Ni kuwa ina ganin rage girman rubutu shi ne mataki na ƙarshe, kuma yawanci ba a ma kaiwa gare shi idan aka bi aikin daga tushe. Zan ɗauki shafi guda ɗaya tak in bi shi daga farko har ƙarshe, domin a shafi ɗaya ake ganin duk abin da ke faruwa a hamsin.

Shafin na horar da ma'aikatan lafiya ne a kan adana magungunan rigakafi. Hagu akwai akwatin rubutu, dama akwai hoton firji. Ga abin da ke rubuce a kansa kamar yadda ya zo:

```
Vaccine Cold Chain Monitoring
- Store at +2°C to +8°C
- Record fridge temperature twice daily
- Do not freeze HepB, Td or Penta
- Check VVM before use
- Discard reconstituted vials after 6 hours
```

Kafin in fassara ko kalma ɗaya, abin da nake fara yi shi ne auna filin da aka ba ni. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga. Shafin PowerPoint na zamani, mai faɗin 16:9, faɗinsa santimita 33.87 ne, tsayinsa 19.05. A wannan shafin akwatin rubutu ya ci santimita 18 a faɗi, 8 a tsayi, kuma rubutun yana kan lamba 24. Ba dukkan santimita 18 ɗin ne na haruffa ba. Akwatin yana da ɗan gefe na ciki, kimanin rubu'in santimita a hagu da kuma dama, sannan ɗigon da ke farkon kowane layi yana cin fiye da rabin santimita. Abin da ya rage bai kai 17 ba.

Lambar da ake gani a wurin girman rubutu ma'auni ce ta gaske: kowane ɗaya daidai yake da kashi ɗaya cikin 72 na inci. A yawancin nau'o'in rubutun da ake amfani da su a shafuka, matsakaicin faɗin harafi yana kusa da rabin wannan lambar. Wato a lamba 24, harafi ɗaya yana cin wajen 12, kimanin santimita 0.42. Raba 17 da 0.42, za ka sami haruffa 40 a layi, har da sararin da ke tsakanin kalmomi. Tsayin layi kuma yana kusa da girman rubutu sau 1.2, wanda a nan ya zama santimita ɗaya da ɗan ɗoriya. Idan aka cire tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo, akwatin mai santimita 8 layi 6 zai ɗauka. Wannan lissafi ƙiyasi ne, domin m ta fi i faɗi nesa ba kusa ba, amma ya isa ya gaya maka iyakar gonarka: layi 6, kowanne haruffa 40. Turancin ya cika su cif, huɗun farko layi ɗaiɗai, na biyar mai haruffa 41 ya karye biyu.

Ƙirga haruffa da ido ɓata lokaci ne. Ina kwashe rubutun in zuba a Excel, Turanci a ginshiƙi ɗaya, Hausa a na kusa da shi, in sa wannan a gefe:

```
=LEN(B2)
```

Duk layin da ya haura 40 na san zai karye tun kafin in koma shafin.

Ga fassarar farko, irin wadda hannu ke fitarwa idan mutum yana bin Turancin sawu da ƙafa. Kan magana ya fito "Sa ido a kan tsarin adana alluran rigakafi cikin sanyi", haruffa 54 a madadin 29. Layukan kuwa:

A adana a ma'aunin zafi tsakanin +2°C da +8°C
A rubuta ma'aunin zafin firji sau biyu a kowace rana
Kada a bari HepB, Td ko Penta su zama ƙanƙara
A duba alamar da ke nuna zafin da kwalba ta sha kafin a yi amfani da ita
A zubar da kwalaben da aka haɗa da ruwansu bayan awa 6

Babu layin da za a ce ba Hausa ba ne. Sai dai haruffansu 45, 52, 45, 72 da 54, jimla 268, alhali Turancin 150 ne. Kowanne ya haura 40, don haka kowanne zai karye biyu, layi 10 ke nan a akwatin da ke ɗaukar 6.

Yana da kyau a gane dalilin wannan tsawo, domin daga dalilin ake samo maganin. Turancin shafi yana jera sunaye huɗu a jere ba tare da komai ya haɗa su ba, kamar yadda kan maganar nan ya yi. Hausa ba ta yarda da haka. Dole a ɗaura suna da suna da -n ko -r, ko na da ta, ko a shigo da "da ke" da "da aka". Aikatau ɗinmu kuma ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ɗan rakiya a gabansa: a duba, su zama, aka haɗa. Kowanne daga waɗannan 'yan rakiya harafi ɗaya zuwa uku ne da sarari ɗaya. Sannan abin da Turanci ya dunƙule a kalma guda ta fasaha, mu sai mun warware shi da jimla. Biyun farko ba su da yawa, kuma ba a taɓa su, domin su ne ƙashin bayan jimlar Hausa. Wanda ya ciccire su don neman wuri zai ƙare da rubutu irin na tsohuwar wayar tangaraho, wanda sai an karanta sau biyu. Na ukun ne ke cinye fili, shi ya sa maganar kalmomin fasaha da maganar wuri abu ɗaya ne.

Idan ka liƙa waɗannan layuka 10 a shafin, abin da zai faru ya dogara da saitin akwatin. A Format Shape, ƙarƙashin Text Box, akwai zaɓi uku: Do not Autofit, Shrink text on overflow, da Resize shape to fit text. Akwatin jikin shafi yawanci yana zuwa ne a kan na biyu. Shi ne mai ruɗi, domin ba ya nuna maka an sami matsala. Rubutu zai shige tsaf, ka ɗauka ka gama, alhali ya sauko daga 24 zuwa wajen 18, layukan kuma sun matsu da juna. A fuskar kwamfutarka lafiya lau yake. A bango, daga kujerar ƙarshe, rubutun ya rasa rubu'in girmansa. Ana gane shi ta hanyar danna cikin akwatin a dubi lambar girman rubutu shafi bayan shafi. Idan ka ga wannan 24, na gaba 19, na gabansa 22, to manhajar ce ke yanke maka hukunci. Ni kafin in fara liƙa Hausa nakan mayar da shi Do not Autofit. Na fi son rubutu ya zubo waje in gani da idona, da ya ɓuya a ciki. Google Slides ma yana da irin wannan saiti, kuma abin da ake yi ɗaya ne.

Yanzu sai kalmomin fasaha, inda na fi son mu daɗe.

Tambayar da nake yi wa kowace kalma ita ce: a ina mai sauraro zai sake haɗuwa da ita bayan ya fita daga ɗakin horo? Idan a jikin kwalba zai gan ta, ko a takardar rajista, ko a fuskar na'ura, to suna ce, kuma ba a fassara suna; wannan shi ne kashi na farko. HepB, Td da Penta haka suke a takardun aiki, haka ma'aikata ke kiran su. Idan na rubuta "rigakafin ciwon hanta nau'in B" na ci haruffa kusan talatin, kuma na raba ma'aikaciya da abin da za ta karanta a gaban firji gobe da safe. Barin su yadda suke ya fi tsaro, ya kuma fi gajarta. Sa'a ce idan gajarta da tsaro suka zo tare, amma dalilin barin su tsaron ne.

VVM ma suna ne, sai dai shi yana buƙatar a gabatar da shi. Wata 'yar alama ce a jikin kwalbar rigakafi: da'ira mai ɗan duhu, a tsakiyarta murabba'i mai haske. Gwargwadon zafin da kwalbar ta sha a tsawon tafiyarta, murabba'in yana ƙara duhu. Muddin ya fi da'irar haske, ana iya amfani da maganin idan wa'adinsa bai ƙare ba. Da zarar launinsa ya zo ɗaya da na da'irar, ko ya fi ta duhu, kwalbar ta tashi aiki. A fassarar farko na yi ƙoƙarin cusa wannan bayani a cikin layin, shi ya sa ya kai haruffa 72, kuma duk da haka sunan da kansa ya ɓace. Abin da ya dace shi ne a yi bayanin sau ɗaya, a shafin da kalmar ta fara bayyana, tare da hotonta, daga nan duk inda ta sake zuwa a ce "alamar VVM". Kalmar "alamar" haruffa shida ce, kuma aikinta babba ne, domin tana tuna wa mai karatu cewa abu ne da ake dubawa da ido. Haka nake yi wa duk wani gajeren suna na baƙon harshe, in sa masa kalmar Hausa guda a gaba mai faɗin jinsinsa: gwajin kaza, na'urar kaza, takardar kaza.

Kashi na biyu su ne kalmomin aro da suka riga suka zauna: firji, awa, digiri. Waɗannan Hausa ce yanzu. Wanda ya guje wa firji ya rubuta "na'urar sanyaya kayayyaki" ya ɓata wuri, ya kuma sa mai karatu tunanin ko wata na'ura ce daban. Iyakar nan ita ce a tabbata kalmar ta zauna a bakin waɗanda za su zauna a ɗakin, ba a bakin mai fassara da abokan aikinsa kaɗai ba.

Kashi na uku ya fi wuya, shi ne inda Turanci ke da kalmar fasaha, mu kuwa muna da hanyar faɗa. Kalmomi biyu na tsakiyar kan maganar, Cold Chain, idan aka bi su harafi da harafi, "sarƙar sanyi" za su ba ka. Gajere ne, yana shiga akwati, kuma shi ya sa yake jan hankali. Amma wanda bai san Turancin ba, sarƙa zai gani a ransa, ta wuya ko ta ɗaure ƙofa. Abin da ake nufi shi ne kada sanyi ya yanke wa maganin tun daga inda aka yi shi har zuwa hannun mai yi wa yaro. Da na tambayi kaina me wannan shafin ke son ma'aikaci ya yi, amsar ta zo da kanta: ya kula da sanyin rigakafi. Kan maganar ke nan, "Kula da sanyin rigakafi", haruffa 23, ya ma fi na Turancin gajarta. Na cire "allura" da gangan. A bakinmu allura tana nufin ƙarfen, tana nufin sokawar, tana nufin maganin, kuma ba kowane rigakafi ake sokawa ba, akwai na shan inna da ake ɗigawa a baki, shi ma a sanyi yake zama.

Akwai wata kalma da ke yawan ba mu wahala, temperature, wadda muke fassarawa da "ma'aunin zafi". Matsalarta biyu ce. Ma'aunin zafi shi ne abin awon kansa, wanda ake ratayewa a firji, don haka "a rubuta ma'aunin zafi" tamkar an ce a rubuta na'urar ne. Sannan ga kalmar zafi a shafin da duk maganarsa sanyi ce. A layin farko ba a ma buƙatarta, domin alamar °C ta riga ta faɗi abin da ake aunawa. Sai ya koma "A ajiye tsakanin +2°C da +8°C", haruffa 29. Lambobin da alamar tarawa da ke gabansu ban taɓa su ba. Wannan alamar ita ce ke raba sanyin firji da sanyin ƙanƙara, kuma na taɓa ganin inda aka share ta don a sami wurin harafi biyu.

Layi na biyu ya zama "A rubuta awon firji safe da yamma", haruffa 33. "Safe da yamma" ya fi "sau biyu a kowace rana" gajarta, kuma haka Bahaushe zai faɗa. Amma a lura, na ƙara abin da Turancin bai faɗa ba, domin shi sau biyu kawai ya ce. Na yarda da shi ne saboda ƙa'idar aikin ke nan, a duba da safe a duba da yamma, kuma bayanin da mai shafin ya rubuta a ƙarƙashi ya tabbatar. Da maganar shan magani ce sau biyu a rana, da ban yi wannan canji ba sai na tambaya. Duk gajartar da ta ƙara wa magana takamaiman lokaci ko adadi, sai an nemi tabbacinta.

Layi na uku aikatau ɗaya ya gyara shi. "Kada a bari su zama ƙanƙara" ya koma "Kada HepB, Td ko Penta su ƙanƙare", haruffa 33. Sau da yawa idan ka ga "zama" ko "yi" da suna a bayansu, akwai aikatau guda da ke ɗauke da su duka: yi amfani da, yi bincike a kan, gudanar da gwaji. Bincika da gwada sun wadatar a wurare da dama. "Kada" kuwa ba a taɓa ta. Haka ma "ba" ta biyu a jimlar korewa. Idan jimla ta fara da "ba a" kuma "ba" ta ƙarshe ta faɗo ita kaɗai a layi na biyu, ko hoto ya rufe ta, mai karatu daga nesa zai iya tsallake korewar. Saboda haka a shafi na fi son hani da "kada" ko "ban da", wanda ke tsaye a farkon layi inda ido ke fara sauka.

Na huɗu ya riga ya warware: "A duba alamar VVM kafin amfani", haruffa 30, daga 72.

Na biyar shi ne wanda na ƙi gajartawa. Wasu magungunan rigakafi, irin na ƙyanda da BCG, gari ne busasshe a kwalba, sai an haɗa su da ruwansu na musamman kafin a yi amfani da su, kuma bayan haɗawar ba sa wuce awa 6. Ka sake karanta fassarar farko: "A zubar da kwalaben da aka haɗa da ruwansu bayan awa 6". Bayan awa 6 da me? Ana iya fahimtar cewa waɗanda aka haɗa a makare ne za a zubar. "Zubar" kuma tana kawo hoton tsiyaye ruwa a ƙasa, alhali kwalbar ce gaba ɗaya ake cirewa daga aiki. Na gwada gajere, "Awa 6 da haɗawa, a yar da kwalbar", ya shiga layi ɗaya, amma bai faɗi wane irin rigakafi ba, kuma sabuwar ma'aikaciya za ta iya ɗauka har da waɗanda ba a haɗawa. Tun da layukan huɗu sun zauna a layi ɗaiɗai, ina da biyu a hannu, sai na kashe su a nan:

Rigakafin da ake haɗawa da ruwansa:
a yar da shi awa 6 bayan haɗawa

Haruffa 67, ya fi fassarar farko tsawo da 13. Na karya shi da kaina a bayan ɗigo biyun, ta hanyar danna Shift da Enter tare, don layin ya sauka ba tare da sabon ɗigo ya fito ba. Idan aka bar wa manhaja, takan karya inda faɗi ya ƙare, ta raba "da" da abin da take ɗaurewa, ko ta bar 6 a sama "awa" a wani wuri. Jimlar shafin yanzu haruffa 192, layi 6, rubutu yana nan a 24. Hausar ta fi Turancin tsawo da fiye da rubu'i, kuma ta shiga, domin gajerun layukan Turancin dama sun bar fili a damansu wanda ba a amfani da shi.

Sauran bayanin da bai hau shafi ba yana da gida. A ƙarƙashin kowane shafi akwai wurin Notes, inda mai gabatarwa ke ganin abin da zai faɗa. Can na sa cewa idan zaman rigakafin ya tashi kafin awa 6 ta cika, nan ma a yar da abin da aka haɗa. Can kuma na sa gargaɗin da ya fi damuna, cewa alamar VVM zafi kawai take nunawa, ba ta nuna ko magani ya taɓa ƙanƙarewa, wannan sai da gwajin girgiza kwalbar. Sai dai a tambaya tun farko ko za a raba fayil ɗin a matsayin takardar karatu. Idan za a buga shafukan kaɗai a ba mutane, abin da ke Notes ba zai isa gare su ba, kuma duk gargaɗin da rai ya rataya a kansa dole ya hau shafin.

Ba kowane shafi ne ke ba da kai haka ba. Wani ko ka tace shi sau uku sai ya haura. A nan sai a koma ga shimfiɗar shafin, a bi ta daga mai sauƙi. Hoton firjin nan zai iya raguwa da santimita 3 ba tare da ya rasa komai ba, akwatin ya koma 21, layi ya ɗauki haruffa 47. Idan shafuka da yawa ne masu fasali ɗaya, a yi gyaran a View, Slide Master, sau ɗaya ya wadatar da duka. Idan hakan bai isa ba, a raba shafin biyu, uku a nan biyu a can, kowanne da kan maganarsa. Masu ba da aiki sukan ji tsoron ƙaruwar shafuka, amma lokacin gabatarwa ba ya ƙaruwa, maganar ɗaya ce. Abin lura kawai shi ne inda aka ce "duba shafi na 12", da lambobin da ke littafin mai horarwa, a bi su a gyara. Sai bayan duk wannan nake yarda in sauke girman rubutu, daga 24 zuwa 22 ko 20, kuma in sauke shi a duk shafukan tare don kada su riƙa tsalle a idon mai kallo.

Jadawali da zanen akwatuna masu kibiya sun fi tsanani, domin wani akwatin haruffa 12 kawai yake ɗauka. A irin wannan nakan sa kalma ɗaya a ciki, Ajiya, Jigila, Rabawa, bayanin ya sauka ƙasa. Rubutun da ke cikin hoto kuwa ba ya gyaruwa, sai an nemi asalin zanen ko a rufe shi da sabon akwati.

Saura haruffa masu ƙugiya, kuma shafin nan ya ba mu misalin da ya isa. Cire ƙugiya daga "ƙanƙare", ka sami "kankare". Layi na uku ya tashi daga hana magani daskarewa ya koma maganar kankare abu kamar ƙanzo a tukunya. A cikin doguwar jimla mai karatu yakan gyara da kansa. A layi mai kalmomi bakwai, a rubutun da dama ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ba shi da abin dafawa. Ƙugiya ba ta cin ƙarin wuri ko kaɗan, don haka babu uzurin barinta.

Matsalar da aka fi samu ita ce nau'in rubutun da mai zanen ya zaɓa ba shi da ɓ, ɗ, ƙ. Manhajar sai ta aro su daga wani nau'in, ka ga ƙ ta fi maƙwabtanta siranta ko tsayi, ko ta fito a matsayin ɗan akwati fanko. Gwajin minti ɗaya ne: rubuta "Ɓaɓɓake ƙanƙarar ɗaki, Ƙ Ɗ Ɓ" a kan magana da kuma jikin shafi, ka mayar da shi mai kauri, ka kishingiɗar da shi, ka ƙara girma ka duba. Manyan haruffan sun fi yawan ɓacewa. Idan masu karatun suna rubuta ƴ a inda wasu ke rubuta 'y, a haɗa da ita a gwajin. Noto Sans da Andika suna ɗauke da su duka. Ana canza nau'in a fayil gaba ɗaya ta Replace Fonts, amma a yi haka kafin a fara aunawa, domin faɗin haruffa yana bambanta, kuma lissafin 40 ɗin nan zai iya komawa 37. Sannan kwamfutar da za a haɗa da majigi wataƙila ba ta da nau'in da ka zaɓa. A File, Options, Save, akwai Embed fonts in the file, wanda ke cusa shi cikin fayil ɗin idan lasisinsa ya yarda. Ni nakan haɗa da kwafin PDF a matsayin madogara.

Wani ƙaramin abu da ke damuna shi ne alamar da ke gaban 'ya'ya da 'yan. Idan ta zo a farkon kalma, manhajar takan ɗauka buɗe zance za ka yi, sai ta juya ta baibai. A layinmu na biyar akasin haka ake tsoro: mai dubawa ya ga "yar" ya ɗauka kuskure ne ya sa mata alama, "a yar da shi" ta koma maganar 'ya mace. Jan layin da ke bin ƙarƙashin kowace kalmar Hausa kuma, da gyaran da manhajar ke yi da kanta, ana rage su ta Review, Language, Set Proofing Language.

Dubawar ƙarshe ba a kan kujerar aiki nake yin ta ba. Nakan kunna shafin ya cika fuska, in ja da baya iyakar ɗakin, in sa wanda bai ga Turancin ba ya karanta, sannan in tambaye shi abin da zai yi idan ya tsaya gaban firji. A wannan shafin, wadda ta karanta mini ta tsaya a layi na biyu ta ce, "Awon me, nauyi ko sanyi?" Na so in ce kan magana ya riga ya faɗa, amma idan ita ta tsaya, wani ma zai tsaya. Na mayar da shi "A rubuta awon sanyin firji safe da yamma", haruffa 40 cif, a bakin iyaka. Na rage hoton firjin da santimita ɗaya, layin ya zauna.